Me ya sa masu zuba jari suke yin shiru bayan na gabatar da shirina?

Tambaya: Na ƙirƙiri manhajar lissafin kaya ta kantunan magani. A takardar neman jarina na rubuta cewa kasuwar magani ta kai dala biliyan 5, kuma kashi 1 cikin 100 kawai muke nema. Mutum uku sun saurare ni, babu wanda ya sake kirana. Hankalina ya tashi, ina na kuskure?

Amsa: Wannan "kashi 1 kawai" shi ya kore su. Kusan kullum sai na ci karo da shi, kuma laifin na masu sayar da samfurin takardar neman jari ne, waɗanda ba su taɓa sayar da ko allura ba amma suna koya wa mutane kumbura lamba. Biliyan 5 ɗin nan kuɗin magani ne, kai kuwa manhaja kake sayarwa. Ko sisi daga ciki ba naka ba ne.

Yi lissafin daga ƙasa. A ce kowane kanti zai biya ka dala 15 a wata, wato 180 a shekara. Kashi 1 na biliyan 5 miliyan 50 ne. Raba shi da 180, sai ka ga kana buƙatar kanti kusan 278,000. Mai jari a ka yake wannan rabawar tun kana cikin magana, daga nan kuma ya daina yarda da sauran shafukanka. To, a ce kanti 6,000 ne ƙafarka za ta iya kaiwa, rabinsu ne ke da cinikin da zai sa su biya. Kasuwarka dala 540,000 ce a shekara. Ƙarama ce, amma za ka iya kare ta idan aka tsare ka da tambaya. Sannan ka nuna saurin shiga: 'yan talla uku, kowanne na kawo kanti 10 a wata, kanti 360 ke nan a shekara, kafin a cire masu daina biya.

Idan kuma ka rubuta "ba mu da abokin gogayya", goge shi yau. Littafin da mai kanti ke rubuta kaya a ciki da Excel su ne kishiyoyinka, kuma kusan kyauta suke. Tambayi masu kanti 20 da me suke aiki yanzu, da abin da zai sa su bari.

Shafin ƙarshe kada ya ce "muna neman tallafi". Faɗi nawa, na wata nawa, a kan wane kaso. Misali, kashe dala 12,000 a wata na wata 18 ya kama 216,000, a kan kashi 15 na kamfani, don kaiwa kanti 500 masu biya. Ka sani cewa da faɗin haka ka yi wa kamfaninka kuɗi dala miliyan 1.44 bayan shigar jarin, kuma a kan wannan lambar za a fara ciniki da kai.