An kulle mini shafin sana'a saboda ranar haihuwa: ya halatta a haɗa mini katin boge?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, ina sayar da mayafai da abaya, kuma yawancin cinikina ta wata manhajar sada zumunta nake yi. Kwanan baya manhajar ta ce in rubuta ranar haihuwa. Da yake sunan shago ne a shafin, sai na rubuta ranar da na buɗe shagon, a 2021. Nan take aka kulle, wai shekaruna ba su kai goma sha uku ba, sai na kawo katin shaida. Ina da Ghana Card, amma 1 ga Janairu 1983 aka rubuta a kai, alhali mahaifiyata ta ce da azumin wannan shekarar ta haife ni. Wani yaro mai gyaran waya ya ce ba za su karɓi katina ba tunda sunan bai zo ɗaya da na shafin ba, in ba shi sidi 150 ya haɗa mini hoton kati da sunan shagon. Sannan mata uku sun ba ni kafin alƙalami, sidi 600 kowacce, kuma bayanan odarsu na cikin shafin. Na yi zunubi da ranar da na rubuta? Ya halatta in bar yaron ya yi? Allah ya saka da alheri.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, babu zunubi a kanki game da ranar da kika rubuta. Kin ɗauka shekarun shago ake tambaya, kika faɗi gaskiyar abin da kika fahimta. Ƙarya ita ce mutum ya faɗi saɓanin abin da ya sani da gangan. Allah yana cewa a Suratul Ahzab, aya ta 5, babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai dai abin da zukatanku suka ganganta. Ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren.

Yana da kyau ki san abin da ya faru, domin hukuncin sauran tambayar a kansa yake. Ba wani mutum ne ya zauna ya dubi shafinki ya ga dama ya rufe ba. Na'ura ce ta cire 2021 daga shekarar da muke ciki, ta ga abin da ya rage bai kai 13 ba. Wannan adadi ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira COPPA, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da izinin iyayensa. Manyan kamfanonin suka ga mafi sauƙi su sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai buɗe shafi. Gurbin da aka rubuta Date of birth ko Birthday na mutumin da ke riƙe da shafin ne, ko da sunan shago ko makaranta ko masallaci ne a sama. Masu kula da shafukan makarantun Islamiyya su lura, domin wannan ramin kowa na iya faɗawa.

To, abin da kamfanin yake so ya sani abu ɗaya ne: mai wannan shafi babba ne ko yaro? Ke kuwa haihuwar 1983 ce, kuma kina da katin hukuma da ke tabbatar da haka. Gaskiya tana hannunki. Me zai kai mai gaskiya sayen ƙarya da kuɗinta?

Abin da yaron nan ya kawo miki haramun ne, a gare ki da shi. Katin da zai haɗa yana cewa Hukumar NIA mai ba da Ghana Card ta yi wa wani mai wannan suna rajista, alhali ba ta yi ba. Wannan shaidar zur ce a rubuce, kuma malamai sun ce rubutu kamar furuci yake. Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30, ku nisanci maganar zur. A hadisin Abu Bakrata da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Sidi 150 ɗin ladan aikin haram ne: bai halatta ki bayar ba, bai halatta ya ci ba. Haka hukuncin yake da a ce katin yayarki ko na maigidanki za ki ara ki ce naki ne.

Na san abin da wasu za su ce miki a kasuwa: ai kamfanin Turawa ne, ba Musulmi ba, kuma haƙƙinki kike nema. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ranar da kika buɗe shafin kin danna amincewa da sharuɗɗansu, cikinsu har da ba da bayanan gaskiya. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, bai ware wa za a cika wa ba, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Sharaɗin nan bai halatta haram ba, bai haramta halal ba, saboda haka ya hau kanki. Maganar lalura ma ba ta taso ba, tunda lalura sai an rasa halastacciyar hanya, ke kuma ko gwada ta ba ki yi ba. Ban da haka, jabun katin hukuma laifi ne a dokar Gana, kuma idan masu dubawa suka gane an taɓa hoton, shafin da ake iya buɗewa sai ya tafi gaba ɗaya.

Sai batun 1 ga Janairu. Azumin 1983 ya kama ne tsakanin Yuni da Yuli, saboda haka maganar mahaifiyarki ta nuna tazarar wata biyar zuwa shida ce tsakanin katin da ainihin ranar. Da yawa daga iyayenmu a Zango ba a yi musu takardar haihuwa ba, da abin da ya faru ake tunawa: shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro 'yan Gana daga Najeriya, wadda ita ce shekararki. Ma'aikacin rajista yakan sa kintace. Ki rubuta abin da ke kan katin daidai, rana da wata da shekara. A al'ada, idan aka tambayi ranar haihuwa a irin wannan wuri, wadda ke cikin takardun hukuma ake nufi, kuma wannan tazarar ba ta ba ki wani haƙƙi da ba naki ba, ba ta tauye na kowa ba. Da a ce shekaru aka rage da gangan don aiki ko fansho, da hukuncin ya bambanta, kuma da na ce ki je a gyara ta hanyar rantsuwar kotu da hukumar da ta ba da katin.

Ga abin da za ki yi, kuma yau, kada ki bari sai gobe. Waɗannan kamfanoni suna ba da wa'adi. Google, alal misali, kwana 14 yake bayarwa a tabbatar da shekaru, in ba a yi ba ya dakatar da asusun, bayan kwana 30 ya share abin da ke ciki. Ki karanta saƙon da ya fito a wayarki da kyau, ki ga wa'adin da aka ba ki. Ki shiga da wayar da kika saba shiga da ita, ki danna inda aka sa Appeal ko Verify your age. Ki ajiye katin a kan tebur mai duhu, da hasken rana, kusurwoyinsa huɗu su fito, kada walƙiyar kyamara ta rufe rubutun. Katin kansa za ki ɗauka, kada ki ɗauki fotokwafi. Idan an ba ki gurbin bayani, ki sa a rubuta miki a taƙaice cewa shafin na sana'a ne, ke ce mai shi, kin sa ranar buɗe shago bisa kuskure. Wasu manhajojin, kamar Instagram, suna ba da zaɓin ɗaukar ɗan bidiyon fuska don a kintata shekaru. Ya halatta don buƙata, da mayafinki a kanki, tunda fuska kawai ake nema. Idan aka ƙi karɓa, ki fara duba ko hoton ya yi dishi-dishi ko wani gefe ya yanke, ki sake ɗauka.

Ina roƙonki kada hoton katin nan ya bi ta hannun kowa. Layin wayarki da Ghana Card aka yi masa rajista, asusun kuɗinki na waya, wato MoMo, kuma a kan layin yake. Duk wanda ya kira ki ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne, ki tura masa kati ta WhatsApp ko ki karanto masa lambobin da suka shigo wayarki, ɓarawo ne. In kina buƙatar taimako, ɗanki ko ƙanwarki su yi a gabanki, wayar tana hannunki.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sidi 1,800 na matan nan. Wannan kuɗi yana wuyanki ko an buɗe shafin ko ba a buɗe ba. Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, mu mayar da amanoni ga masu su. Su a yanzu abin da suke gani shi ne sun ba da kuɗi, shafi ya ɓace, kuma kin san abin da zuciya za ta raya musu. Idan ta MoMo suka biya, sunayensu da lambobinsu suna cikin saƙonnin da suka shigo miki. Ki kira su a daren nan, ki faɗa musu abin da ya faru, kowacce ta sake faɗa miki launi da adadin abin da ta yi oda. Wadda ta ce za ta jira, ki sa mata rana. Idan ranar da kuka yi alkawari ta wuce ba kaya, wadda ta nemi kuɗinta ki mayar mata cif. Daga yau kuma ki sayi littafi ki riƙa rubuta oda da lambar mai ita, domin ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Wani uba zai karanta wannan ya ce to shi ɗansa ne aka kulle wa, ɗan shekara 12, kuma ya balaga. Wannan fatawar ba ta shafe shi ba. Balaga tana ɗora wa yaro salla da azumi, amma sharaɗin kamfanin shekara 13 ne da lissafin Miladiyya, wanda ya fi na Hijira tsawo da kusan kwana 11 kowace shekara, wato wajen wata biyar a shekara 13. Ba da katinka ko ƙara masa shekaru don a buɗe masa ƙarya ce, kuma cutarwa ce gare shi: yaron da aka ƙara wa shekara uku, ranar da ya cika 15 manhajar za ta ɗauke shi ɗan 18, ta janye kariyar da take yi wa yara. Idan asusun Google ne, akwai Family Link da uba zai riƙe ragamar asusun da shi. Idan manhajar ba ta da irin wannan, ya jira shekarunsa su cika.

Idan kin bi hanyar nan duka ba a buɗe ba, Malama, ki buɗe sabon shafi da ranar da ke kan katinki, ki sanar da abokan cinikinki ta lambobin da kike da su. Allah ya mayar miki da alheri, ya sa albarka a sana'arki.

Wallahu a'alam.