Kashi Nawa Na Jarina Zan Sa? Amsa Kan Ƙa'idar Kelly

Tambaya: Malam, ina ɗan saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ta waya, jarina naira 100,000. Cikin ciniki 50 na ci riba a 30, kuma ribar da nake ci kusan daidai take da asarar da nake yi idan na faɗi. Wani abokina ya ce ƙa'idar Kelly ta ce in riƙa saka kashi 20 na jarina kowane karo, wani kuma ya ce rabin haka. Wa zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, bi na biyun, kuma ko ƙasa da rabin ka sauka ba zan ga laifinka ba. Sai dai na farkon ma lissafinsa daidai ne.

John Kelly, masani a cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka, shi ya fitar da ƙa'idar a 1956, daga baya Edward Thorp ya kai ta teburin karta da kasuwar hannun jari. Ga yadda ake rubuta ta:

```
f = (b × p − q) / b
```

A nan f kason jarinka ne da za ka saka, p yiwuwar cin riba ce, q yiwuwar faɗuwa, b kuwa abin da kake samu kan kowace naira ɗaya da ka jefa cikin haɗari. A wurinka p 0.6 ne, q 0.4, b kuma 1, sai f ya fito 0.2, wato kashi 20. Ka lura da abu biyu. Kason na kuɗin da ke hannunka ne a yanzu, don haka idan jari ya ragu abin da kake sakawa ma raguwa yake. Sannan f yawan kuɗin da za ka rasa ne idan cinikin ya ɓaci. Idan kana fita da zarar haja ta faɗi kaɗan, wannan asarar ce ake nufi, ba duk kuɗin hajar ba.

Me ya sa ba za a zuba fiye da haka ba tunda riba ta fi yawa? Domin asara ta fi riba nauyi: wanda ya rasa kashi 40 sai ya ci kusan kashi 67 kafin ya dawo inda yake. Ɗauki ciniki goma, ka ci shida ka faɗi huɗu. Da kashi 20, dubu ɗarinka za ta zama wajen 122,300. Da kashi 40 kuwa, a kan cinikin nan dai ba wani ba, za ka tashi da wajen 97,600. Ka fi yawan yin daidai, amma ka koma gida da asara. Kason Kelly shi ne ƙololuwar da jari ya fi saurin girma a kanta. Da ka wuce ta girman ya fara raguwa, idan ka ninka ta biyu ya ƙare ƙarƙaf.

Ƙa'idar kuwa ta ɗauka ka san p, kai kuma ba ka san shi ba. Ƙiyasi ka yi daga ciniki 50. Wanda ba shi da wata gwaninta sam, yana jefa kwabo ne kawai, kusan sau ɗaya cikin goma zai ci 30 ko fiye cikin 50. Gaskiyar p ɗinka na iya zama ko'ina tsakanin kashi 46 da 74, kuma a ganina ƙasa ta fi kusa. Dalili shi ne tsarin da ya ba mutum riba shi yake riƙewa ya zo yana tambaya a kai, waɗanda suka faɗi tuni ya watsar, saboda haka akwai sa'a a gauraye cikin alƙalumanka. Ga kuɗin dillali da gibin farashin saye da sayarwa, waɗanda galibi ba a cire su daga b.

To, mu ɗauka hakikanin p ɗinka 0.55 ne. Kuskuren maki biyar ne kacal, amma Kelly na gaskiya ya sauko kashi 10. Kai da kake saka 20 ka ninka shi biyu ke nan ba ka sani ba. Bayan ciniki 100, ka ci 55 ka faɗi 45, jarinka zai tsaya a wajen 98,600, an yi ba a yi ba. Mai saka kashi 10 a kan cinikin nan zai kai wajen 165,000.

Idan kuma ƙiyasinka daidai ne fa, p ɗin 0.6 ne da gaske? Mai cikakken Kelly zai kai wajen 749,000 a ciniki 100, mai rabi wajen 450,000. Tazarar ba ƙarama ba ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma a saurin girma na kowane ciniki, mai rabi ya riƙe kashi uku cikin huɗu na abin da mai cikakke ke samu. Idan ka rage bisa kuskure, jinkiri ka saya. Idan ka zarce bisa kuskure, ribar ce dukanta ke tafiya, wani lokaci har da uwar kuɗi.

Sai batun zuciya. Ko da p ɗinka babu kuskure, lissafi ya nuna mai cikakken Kelly yana da yiwuwar kusan rabi ta ganin jarinsa ya faɗo zuwa rabin abin da ya fara da shi a wani lokaci. Ga mai rabin Kelly, wajen ɗaya cikin takwas ne. Faɗuwa huɗu a jere, abin da ba baƙo ba ne ga mai faɗuwa sau huɗu cikin goma, za ta mai da 100,000 ɗinka 40,960 a kan kashi 20, ko 65,610 a kan kashi 10. A irin wannan ranar ce mutane ke yar da tsari su shiga ramuwa. A 2016 Victor Haghani da Richard Dewey sun ba mutum 61, akasari ɗaliban harkar kuɗi da matasan ma'aikatanta, dala 25 kowanne da kwabon da aka gaya musu yana faɗa wa gefe ɗaya kashi 60. An sanar da su p, amma kashi 28 nasu sun ƙarar da kuɗin tas.

Tunda a fagen caca ƙa'idar ta yi suna, bari in ɗan ratse. Ban da hukuncin caca a addini wanda kowa ya sani, lissafin da kansa ba ya goyon bayanta. Wasan da ke hamsin-hamsin, kamfani ya biya naira 1.90 kan kowace naira ɗaya har da uwar kuɗin, b ya zama 0.9, f ya fito ƙasa da sifili. Ma'anarsa kada ka sa ko sisi.

A aikace, ka fara rage p ɗinka zuwa 0.55, ka ɗauki rabin Kelly na wannan: kashi 5, wato kada asarar ciniki ɗaya ta wuce naira 5,000. Idan ka buɗe ciniki uku a hannayen jarin bankuna lokaci guda, ka ƙidaya su ɗaya, don tare suke hawa tare suke sauka, sai ka raba 5,000 ɗin a tsakaninsu. Ka riƙa rubuta kowane ciniki bayan cire kuɗin dillali. Idan ka tara 300 har yanzu kana kusa da 60 cikin 100, kuskuren ƙiyasin ya ragu zuwa wajen maki 6 sama ko ƙasa, a lokacin sai ka matsa zuwa kashi 8 ko 10.