Haddar da ke gudu idan an ga taro

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Nan da sati uku zan karanta waƙa da ka a gaban taro, baiti 20 ce, 'yar ƙwar biyar. A ɗaki nakan kawo ta tas, amma da na tsaya gaban ko mutum biyu sai jikina ya hau ɓari, kaina ya ɗauke. Don Allah yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, domin wannan ciwon na san shi ciki da bai. Kada ki bari kowa ya ce miki ba ki da ƙwaƙwalwa. Haddarki tana nan, hanya ɗaya tak kika gina mata, shi ya sa take kufce miki.

Ni a tsakiyar waƙa abin ya same ni. Na taho lafiya lau, muryata na fita, sai wani a sahun gaba ya yi tari, na kai ido gare shi, da na dawo babu komai a kaina. Ɗangon da na gama faɗa ma ban san shi ba. Bakina ya bushe ƙamas, harshena ya manne a ganɗa, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana. Na koma farkon waƙar don in sake ɗauko zaren, na zo daidai wurin na sake tsayawa cik. Abin da har yau yake min ciwo shi ne mai gabatar da taron. Ya taho yana dariya, ya zare makirufo daga hannuna ban sake shi ba, ya ce wa jama'a a tafa min, wai in je gida in yi hadda. Ni da na yi makonni ina kwana da waƙar nan ina tashi da ita! Da ya ba ni daƙiƙa goma, da ya kawar da kai kawai ya bar ni in yi numfashi. Bayan an tashi ya wuce ni ko kallo bai yi ba. Na daɗe ko sunan taro aka ambata sai cikina ya murɗa. Masu gabatar da taro da ke cikin zauren nan, ku ji tsoron Allah, wanda ya kakare a gabanku shiru kaɗan yake bukata daga gare ku.

To, ga abin da ke faruwa. Idan kullum daga baiti na ɗaya kike farawa, kowane ɗango wanda ya gabace shi ne yake janyo shi, kamar sarƙa. Zobe ɗaya ya ɓalle, duk abin da ke bayansa ya zube. Kuma farkon waƙar ya sha maimaici fiye da kima, domin duk lokacin da kika kakare can kike komawa, tsakiya kuwa ba ta samu ko rabin wannan ba. A 'yar ƙwar biyar akwai wani tarkon kuma: ɗango na biyar na kowane baiti da amsa-amo iri ɗaya yake ƙarewa, don haka ƙarshen baiti na 7 da na 12 sauti ɗaya ne a kunne. Nan ne mutum kan tsallake baitoci bai sani ba, ko ya tsaya bai san wanne ke biye ba. Wurin tsinkewar kusan kullum mahaɗa ce, tsakanin baiti da baiti.

Saboda haka daga yau ki daina farawa daga sama. Ki yanka 'yan takardu 20, ki rubuta lamba a kowace, a bayanta kuma kalmar farko ta baitin. Ki zuba su a leda ki girgiza, ki zaro ɗaya. Idan 14 ta fito, ki kawo baiti na 14 ba tare da kin bi ta kan na 13 ba, ki ɗora da ɗangon farko na 15, ki tsaya. In ya ƙi zuwa, kada ki yi saurin juya takardar. Ki ƙirga biyar kina lalube, domin wannan laluben shi ne yake kafa hadda, ya fi ki karanta baitin sau goma kina kallon rubutu. Wadda ta ba ki wuya ki ware ta gefe, gobe da ita za ki fara. Ranar farko za ki ji kamar ba ki taɓa sanin waƙar ba, kada hakan ya karya miki gwiwa. In kin kai ana kiran kowace lamba kina kawowa nan take, kin sami ƙofa 20 ta shiga waƙarki.

Kuma don Allah ki rarraba tishin. Minti 15 da safe, 15 da yamma, 15 kafin kwanciya ya fi zaman awa biyu a jere. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaicin da aka raba kan kwanaki ya fi wanda aka cusa lokaci guda zama. Barci ma yana cikin aikin, a cikinsa hadda take daɗa kama ƙasa. Kada ki raba dare ana gobe taro.

Ɓarin jiki kuma ba zai tafi gaba ɗaya ba, kada wani ya yi miki wannan alkawari. Jiki ne yake sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ɗauke, numfashi ya gajarce. Matsalar ita ce ke a zaune cikin natsuwa kika haddace, ba ki taɓa kawo waƙar da irin wannan jikin ba. To ki saba masa. Daga sati na biyu, sau ɗaya a rana, ki yi tsalle ko ki hau bene da gudu na minti ɗaya har ki fara haki, sannan ki tsaya a tsaye, ki kunna rikodin a waya, ki karanta da ƙarfin muryar da za ki yi a ranar. A wannan karatun doka ɗaya ce: ba tsayawa, ba komawa baya. In kin kakare a na 9, ki saki numfashi, ki faɗa na 10. Yawancin masu sauraro ba su riƙe da rubutun, shirun daƙiƙa uku da kike ji kamar shekara, su a wurinsu hutun murya ne. Komawa farko ita ke tona asiri. Idan kin saurari rikodin ɗin, ki lura da inda kika fara sauri, galibi nan ne haddar ba ta nuna ba.

A sati na uku ki tara mutum biyun nan da kike tsoro, ki ce su yi tari, su yi magana, ɗaya ya tashi ya fita ana tsaka da karatu. Amma ki zaɓi masu tausayi, ban da mai dariya, irinsu sun ishe mu. Kwana biyun ƙarshe kada ki canza ko kalma ɗaya a waƙar, ko da kin ga wadda ta fi daɗi.

Ranar, kafin a kira ki, ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar a hankali kina ƙirga shida ko takwas, kamar sau biyar. Doguwar fitarwar ce ke sassauta bugun zuciya. Ki kurɓi ruwa kaɗan. In da hali ki je da wuri ki gwada makirufo, domin jin muryarki tana dawowa daga lasifika kaɗai ya isa ya rikita wanda bai saba ba. Ɗangon farko ki ja shi a hankali fiye da yadda ranki yake so.

Ki rubuta kalmomin farko na baitocin a 'yar takarda ɗaya ki riƙe a tafin hannu, in dokar taron ta yarda. Ki fara da ledar nan yau da dare, kuma ki dawo ki gaya mana lambobin da suka ƙi zuwa, mu duba mahaɗarsu tare. Allah Ya ba ki sa'a, ƙanwata.