Jimlar da ta sa na rasa kwangila

"Maigida, imel arba'in na aika wa kamfanonin da ba su san mu ba, kowanne na buɗe shi da yabon aikinsu, amma ko amsa ɗaya babu. Da me ake buɗe irin wannan saƙo har mutum ya gane an yi bincike a kansa?"

Kai yaro, na ga abin da ka rubuta ai. "Na daɗe ina sha'awar ƙwazon kamfaninku." Ɗauki jimlar nan, goge sunan kamfanin, sa na maƙwabcinsa. Ta zauna daram? To ba bincike ba ne, roƙo ne, kuma maroƙi ma ya fi ka, don shi yakan san sunan kakan wanda yake wasawa. Ku yaran yanzu kun ɗauka sauya suna a saƙo ɗaya sau arba'in shi ne aiki.

Ba don ka taɓo min wani tsohon miki ba, da ban ma tanka ba.

Lokacin ina da shekara shida a harkar sayar da manhajar lissafin kayan sito, akwai wani kamfanin rarraba kayan gyaran injuna da na yi wata uku ina hari. Kwangilarsu kaɗai ta isa ta riƙe ni shekara guda. A lokacin na riga na wuce matakin yabon banza, ina ji da kaina, ina ganin ni ne gwanin bincike. Na shiga shafinsu na intanet, na tarar da labari har da hotuna, an yanka kyalle, sun buɗe sito na uku. Na ce alhamdulillahi, ga ƙofa. Na rubuta wa manajan ayyukansu: "Ina taya ku murnar buɗe sito na uku, na san haɗa lissafin wurare uku ba wasa ba ne." Na karanta jimlar nan ta yi min daɗi har na nuna wa abokin aikina.

Washegari da safe amsa ta zo, layi ɗaya tak: "Wata takwas ke nan da rufe wannan siton." Ko sallama babu.

Labarin da na dogara da shi ba shi da kwanan wata, ni kuma ban nema ba. Ashe ya kusa shekara biyu a shafin, ba wanda ya tuna ya cire. Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya na ji shi a bakin wani direbansu: mutumin da na rubuta wa shi ne ya dage sai an buɗe siton, da abin ya rushe saura ƙiris ya rasa kujerarsa. Wato na je na taya mutum murnar abin da ya fi jin kunyarsa a duniya. Kuma bai tsaya nan ba, ya tura saƙon nawa ga abokan aikinsa suka yi ta dariya. Wannan kam ban yafe ba. Kuskure na yi, na yarda, amma da ya share ya yi shiru me zai rage masa? Na aika ban haƙuri sau biyu, shiru. Bayan wata huɗu suka sa hannu da wani wanda kayansa ba su kai rabin nawa ba, kuma har yau suna tare.

Daga ranar na kafa wa kaina doka: duk abin da zan sa a jimlar farko sai na ga kwanan watansa da idona, kada ya wuce wata uku, kuma sai na same shi a wuri na biyu. Shafin "game da mu" ba a bincike a cikinsa, kwalliya ce da suka rubuta wa kansu tun shekarun baya.

Inda kamfani ke faɗin gaskiya ba tare da ya sani ba shi ne tallar neman ma'aikata. Ba wanda zai ɗauki nauyin albashi a kan matsalar da ba ta dame shi ba. Tallar tana da kwanan wata, tana faɗin sashen da ke cikin matsi, wani lokaci har sunan manhajar da suke amfani da ita za ka gani a cikin sharuɗɗa. Duba shafinsu na guraben aiki, ka duba LinkedIn, ka gwada biyun.

Ga yadda na yi da wani kamfani makamancin wancan, shekaru bayan haka. Na ga cikin wata ɗaya sun fitar da talla uku ta ma'aikatan sito, biyu na aikin dare. A cikin sharuɗɗa an ce lallai mutum ya iya Excel, ba a ambaci wata manhajar sito ba. Sai na leƙa ra'ayoyin masu saye, na tarar da mutum huɗu cikin wata biyu suna kukan an kawo musu abin da ba shi suka yi oda ba. Hoton ya fito: oda ta ƙaru, da hannu ake ƙirga, ana ɗebo kuskure. Minti ashirin ya ɗauke ni. Abin da na rubuta shi ne:

"Na ga kuna neman ma'aikatan sito uku a watan nan, biyu na dare, yawanci hakan na nufin oda ta fara fin ƙarfin ƙirgar hannu."

Ƙirga kalmomin, ba su wuce ashirin da biyar ba. Rabin farko abu ne da na gani, wanda shi ma zai iya tabbatarwa. Rabi na biyu fassarata ce, kuma ita ke nuna na san sana'ar, don ganin talla kowa ma ya iya. Kalmar "yawanci" ɗin nan kada ka raina ta. Ita ce ƙofar fita. In na canka daidai zai ce wannan ya san kanmu, in na kuskure zai gyara min, gyaran ma amsa ce, hira ta fara. Da na ce "lissafinku ya rikice", na zage shi ke nan a gidansa.

Ka lura kuma ban ambaci koke-koken masu saye ba, alhali su suka tabbatar min da zargina. Ba duk abin da ka tono ake zubawa a gaban mutum ba. Haka hoton 'ya'yansa ko inda ya je hutu: wannan ba bincike ba ne, leƙen asiri ne, zai ji tsigar jikinsa ta tashi.

Kuma abin da ka gani ɗin dole ya ja zuwa ga abin da kake sayarwa. In ka buɗe da lambar yabon da suka ci sannan ka yi tsalle zuwa manhajar sito, ya gane ɗinkin.

Wani abu da ba ku lura da shi: a akwatin Gmail ko Outlook, musamman a waya, 'yan kalmomin farko na saƙo suna bayyana a ƙarƙashin take tun kafin a buɗe. Kai kuma ka cika wurin da "Da fatan kana lafiya, sunana wane". Sunanka ai yana sama, ya riga ya gani. Gaisuwa kalma biyu ta isa, sai ka shiga magana.

Batun yadda ake samo adireshin mutum da wanda ya dace a rubuta wa, kada ka tambaye ni, wannan ko ɗan koyon sati ɗaya ya sani. Cikin arba'in ɗin nan zaɓi biyar, ka kawo min jimla biyar gobe da safe, kowace da kwanan watan inda ka samo ta a gefe. Wadda ba ta da kwanan wata, ko karanta ta ba zan yi ba.