Ka ɗaure leburori da takarda, ka bar mai riƙe da kwastomomi a sake

*Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da Alhaji ya ɗora ni manaja a shagonsa na sarin kayan masarufi a kasuwar Singa. Muna da ma'aikata tara. Wani abokina ya ba ni kwafin takardar yarjejeniyar aiki ta kamfaninsu, a ciki akwai sharaɗin cewa duk wanda ya bar aiki ba zai yi irin sana'ar a ko'ina a Najeriya ba sai bayan shekara biyar, ba zai faɗi sirrin kamfani ba, kuma ana iya korarsa a kowane lokaci. Ina so kowa ya sa hannu, ban da ɗan ƙanin Alhaji da ke fita tallar kaya da karɓo bashi, tunda shi ɗan gida ne. Don Allah a warware mini waɗannan sharuɗɗa.*
Sabon manaja, Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutum ɗaya da ka cire shi ne wanda aka ƙirƙiri waɗannan sharuɗɗa dominsa. Lebura mai sauke katon ba shi da abin da zai tafi da shi in ya bar ku sai ƙarfinsa. Wanda ke fita talla kuwa, shi ya san mai shago a Wudil da ke ɗaukar katon ɗari biyu duk mako, ya san ragin da ake yi masa, ya san wa ke biya ranar Juma'a da wanda sai an bi shi gida. Ina kuma kyautata zaton lambobinsu duk suna cikin wayarsa ta kansa. Ranar da suka saɓa da Alhaji, ko ya ga ya isa buɗe nasa, rabin cinikinku zai bi shi, ba kuma wata takarda da za ku nuna.

Na zauna sulhun wani dilan sabulu da taliya da ɗan 'yar'uwarsa. Shekara shida yaron yana masa talla ba takarda, don a cewarsa kunya ce ya ce wa jininsa ya sa hannu. Yaron ya buɗe shago a layi na biyu, kwastomomi suka ci gaba da kiran lambar da suka saba kira, suna ɗauka reshe aka buɗe. Bashin kusan naira miliyan huɗu na waje, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba sai a hirarsu ta WhatsApp da yaron. Da dilan ya nemi lauya, tambayar farko ita ce ina yarjejeniya, ta biyu ina littafin bashi. Babu ko ɗaya. Abin da aka samo a ƙarshe bai kai rabi ba, zumuncin da ake tsoron ɓatawa da takarda kuma ya ɓaci har iyaye ba sa gaisawa.

Zama ɗan gida ma ƙara wajabta takardar yake yi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a inda ta fassara wanene ma'aikaci, ta cire iyalan mai aiki, ta cire masu riƙe da shugabanci irinka, ta kuma cire wakilai da 'yan talla muddin aikinsu a wajen shago suke yin sa. Ɗan ƙanin Alhaji na iya faɗawa cikin biyu daga ciki. In rigima ta taso, abin da kuka rubuta shi za a fi dubawa. Kada kai ka kai masa takardar. Ka zauna da Alhaji, shi ya kira shi, ya ce kowa zai sa hannu har da manaja, sannan kai ka fara sa naka a gabansa.

Sharaɗin hana gasa da ke cikin kwafin abokinka, a yadda yake, da wuya ya tsaya a kotu. Asalin hukunci shi ne duk sharaɗin da ya hana mutum neman abincinsa ɓatacce ne, sai mai aiki ya nuna yana kare wani abu nasa na haƙiƙa, kamar sirri ko kwastomomi, kuma hanin bai wuce kima ba a tsawon lokaci, da faɗin wuri, da irin aikin da aka hana. A 1973 Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan sharaɗi tsakanin kamfanin Leventis Motors da wani manajansa na sashen kayan gyaran mota, amma dubi girmansa: shekara ɗaya ne, cikin mil 50 daga rassan kamfanin, kuma mutumin ya san sirrin cinikinsu. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta yarda da irin wannan hani ne in bai wuce shekara biyu ba. Shekara biyar a duk Najeriya, ga shagon da kwastomominsa ba su wuce Kano da Jigawa ba, alƙali zai ga zalunci ne ya ajiye shi gefe, kuma kada ka sa rai zai rage maka shi zuwa abin da ya dace.

Da ni ne, ba zan hana ɗan talla sana'ar gaba ɗaya ba. Zan rubuta ƙaramin abu mai kama jiki: "Na yarda cewa har tsawon wata shida bayan barin aiki, ba zan tallata wa kwastomomin da na yi hulɗa da su a shekarata ta ƙarshe irin kayan shagon nan ba, kuma ba zan janye ma'aikatansa ba." Wannan ya bar masa hanyar cin abinci, ya kare abin da kuke tsoro, ya kuma ba ka wata shida ka gabatar wa kwastomomi sabon mutum. Leburori da direbobi ka cire musu wannan sharaɗi kwata-kwata.

Sharaɗin sirri ya fi na gasa ƙarfi, don yana iya ci gaba da aiki bayan mutum ya tafi muddin abin yana nan a matsayin sirri. Inda ake kuskure shi ne a rubuta "sirrin kamfani" a tsaya. Ka jero su da suna: farashin da kuke saro kaya, ragin da kamfanoni ke yi muku, jerin kwastomomi da lambobinsu, iyakar bashin kowa, lissafin sito. Abin da mutum ya koya da basirarsa, kamar iya ciniki da sanin hanyoyin kasuwa, nasa ne, ba mai ƙwace masa. Haka nan sharaɗin sirri ba ya hana ma'aikaci faɗa wa hukuma ko kotu gaskiya in an aikata laifi.

Rubutun kaɗai ba ya isa. Abin da ka bari a kan tebur kowa na ɗagawa, ba za ka je kotu ka kira shi sirri ba. A makon nan ka sayi waya da layi na shago, kwastomomi su koma kiran wannan lamba. Kowane bashi ya shiga littafi a ranar da aka ba da shi, da sa hannun wanda ya karɓa, kuɗi kuma su faɗa asusun shago, ba na ɗan talla ba. Sai ka ƙara a yarjejeniya cewa ranar barin aiki za a miƙa waya, layi, littattafai da makullai, a yi lissafin bashin da ke waje a gaban shaida.

Saura maganar sallama, kuma nan ne sababbin manajoji suka fi jawo wa iyayen gidansu asara. Hanya uku ce, kowace da hukuncinta. Akwai rabuwa da notis. Ga ma'aikatan da Dokar Ƙwadago ta shafa, sashe na 11 ya ajiye mafi ƙarancin wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole a rubuce yake, ana kuma iya biyan kuɗi a maimakonsa. In yarjejeniyarku ta ba da wa'adin da ya fi haka, ita za a bi. Akwai kora nan take saboda babban laifi kamar sata ko ƙaryar lissafi, wadda ba ta buƙatar notis amma tana buƙatar hujja. Sai rage ma'aikata don ciniki ya ja baya, inda sashe na 20 ya ce a fara da wanda ya zo ƙarshe, tare da duba ƙwazo da riƙon amana.

Ɗauki mai kula da sito, shekararsa uku, albashinsa naira 120,000, aka ƙirga kaya aka ga giɓin naira 300,000. Manaja mai zafin kai zai kore shi a gaban mutane, ya riƙe albashin watan, ya kira shi ɓarawo. Ya yi laifi uku a tashi ɗaya: bai ji ta bakinsa ba, ya ɓata masa suna, ya kuma riƙe albashi alhali doka ta ce cire kuɗin asara sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Abin da ya kamata shi ne ka ba shi takardar tuhuma mai kwanan wata da adadin katon da suka ɓace, ka ba shi kwana biyu ya amsa a rubuce, ku zauna da shaida, ka rubuta abin da aka tattauna. In laifi ya tabbata, ka kore shi da takarda mai ɗauke da dalili. In bai tabbata ba amma amana ta yi rauni, ka biya shi albashin kwanakin da ya yi da kuɗin notis na mako biyu, kusan naira 60,000, ku rabu lafiya. Kuɗin lauya na zama ɗaya ko biyu zai cinye fiye da haka.

"Ana iya korarsa a kowane lokaci" tsohon salo ne da ba zan dogara da shi ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraren irin wannan ƙara, tana da reshe a nan Kano, kuma ta sha yanke cewa sallama ba tare da dalilin da ya shafi aikin mutum ko halinsa ba rashin adalci ne. Ka tuna kuma sharuɗɗan a haɗe suke: in kai ka fara karya yarjejeniya wajen korar mutum, lauyansa zai ce ba ka da bakin riƙe shi da sharaɗin hana gasa.

Doka ta ba mai aiki wata uku daga ranar da ma'aikaci ya fara ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce, ina kuma zaton na mafi yawan mutanenku ya daɗe da wucewa. Ka mayar wa abokinka kwafinsa. Ka kai wa lauya jerin mutum tara da abin da kowane yake riƙe da shi, ya tsara muku takarda iri biyu: gajeruwa ga leburori da direbobi, cikakkiya gare ka da akanta da mai sito da ɗan ƙanin Alhaji. Wanda ba ya karanta Turanci a karanta masa da Hausa a gaban shaida, a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa ya fahimta, kowa kuma ya tafi da kwafinsa.