Tikitin da aka rubuta 00:35: ranar 14 za ki je filin jirgi

"Yaya, tikitina ya fito, an rubuta 15SEP 00:35 daga Abuja, ranar Talata ke nan. Ina so in taso daga Jos Talatar da sassafe, in huta a gidan Kawu kafin dare. Hakan ya yi?"

Ƙanwata, bai yi ba. Kafin ki yi sallar asuba ranar Talata jirginki ya yi awanni a sama. A agogon tikiti rana tana farawa ne daga 00:00, wato 12 na dare, saboda haka 00:35 na ranar 15 minti 35 ne kacal bayan ƙarewar ranar 14. Litinin da daddare za ki kasance a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wayewar Talata.

Ga yadda abin yake kama mutum. Wani ɗalibi daga Jos ya samu gurbin karatu, ya sayi tikitin zuwa da dawowa ta hannun ejan, Abuja zuwa wata ƙasa inda zai sauya jirgi, sannan ya wuce Turai. Tikitin ya ce Juma'a, 00:20. Ejan ya kira shi ya ce, "Daren Juma'a ne tafiyarka." Shi ejan a lissafinmu na Musulunci yake magana, inda dare ke gaba da yini, daren Juma'a shi ne Alhamis da daddare. Yaron kuma ya ji Juma'a, ya leƙa takarda ya ga Juma'a, bai ƙara duba lambobin ba.

Laraba cikin dare saƙo ya shigo imel ɗinsa cewa an buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet. Ya gani da safe, ya ce ai da sauran lokaci. Alhamis ya yini yana zagayen sallama, daga Unguwar Rogo zuwa Bukuru, gwaggo ta ba shi dambun nama, aka yi addu'a. A daidai lokacin da ake kiran sunansa a lasifika a Abuja, yana Jos yana taka akwati da gwiwa don zif ya rufu.

Juma'a da safe ya shiga mota ta Akwanga da Keffi, ya huta a Kubwa, ƙarfe 9 na dare yana kan layin awon kaya, awa uku kafin lokaci kamar yadda aka gargaɗe shi. Ma'aikaciyar kantar awon kaya ta karɓi fasfo, ta buga sunansa, ta sake bugawa. Ta nemi lambar tikitin mai haruffa shida, ta ɗan yi shiru, sai ta juyo masa da fuskar kwamfutar. An rubuta NO-SHOW, wato bai zo ba. Jirginsa ya tashi kusan awa 21 da suka wuce. Wanda ake lodi yanzu na ranar Asabar ne.

Asarar ba ta tsaya a jirgi ɗaya ba, kuma nan ne mutane ba su sani ba. Tikiti mai zango da yawa a jere ake amfani da shi. Idan ba ki hau zangon farko ba, na'urar kamfani kan soke duk abin da ke bayansa, har da na dawowa gida. Ba za ki nemi wani jirgi ki tari zango na biyu a hanya ba, kujerarki ta tafi. Abin da zai biyo baya ya danganta da ƙa'idar farashin da aka saya. Wani tikitin ana gyara shi, a biya tarar rashin zuwa, a biya kuɗin sauya rana, a cika bambancin farashin da na yau. Wani kuwa, musamman mai arahar da ɗalibai suka fi saya, ya mutu ke nan, sai ɗan harajin filin jirgi da ake iya neman a mayar. Ga shi watan Satumba jirage cike suke da 'yan makaranta, kujerar da ta rage mai tsada ce. Da yake ta hannun ejan ya saya, a kantar awon kaya aka ce ya koma wurin ejansa, shi kuwa ejan wayarsa a kashe sai safe. Yaron ya koma Kubwa da akwatunansa, ya sayi sabon tikiti, ya isa makaranta ana gab da rufe rajista.

Yanzu ga naki lissafin, daga baya zuwa gaba. Tashi 00:35. Yawancin kamfanoni suna rufe kantar awon kaya awa ɗaya kafin tashin jirgin ƙasashen waje, wato 23:35 na Litinin, 11:35 na dare. Ƙofar shiga jirgi kuma ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Tsakanin kanta da ƙofa akwai duba biza da takardar makaranta, da imigireshan, da binciken jakar hannu. Ki isa filin jirgi 9 na dare ko 9 da rabi. Daga cikin gari ki ware awa guda, don da yamma titin filin jirgi yana cushewa wajen Lugbe. Ki bar gidan Kawu ƙarfe 8.

Jos zuwa Abuja kan ci awa 4 zuwa 5 idan hanya lafiya, ban da cunkoson Mararaba da Nyanya. Tasowa Litinin da safe zai iya kai ki, amma ni Lahadi nake ba ki shawara. Motar haya sai ta cika take tashi, kuma idan ta lalace a gangaren Hawan Kibo ba wanda zai riƙe miki jirgi. Kwana ɗaya a gidan Kawu bai kai kuɗin sabon tikiti ba.

Kada ki dogara da maganata kaɗai. Ki shiga shafin kamfanin jirgin, wurin da aka rubuta Manage booking, ki sa lambar nan mai haruffa shida da sunanki na ƙarshe kamar yadda yake a fasfo, ki ga rana da lokaci da idonki, don wani lokaci ana matsar da tashi bayan an buga takarda. Idan wayarki a agogon awa 12 take, za ta nuna miki 12:35 AM. Wannan dare ne, 12:35 na rana PM ake rubuta masa, a tikiti kuwa 12:35 kawai. Galibi ana buɗe rajistar intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi, saboda haka in saƙon ya shigo miki Asabar ko Lahadi cikin dare, daidai ne, ki yi rajistar nan take ki ajiye katin shiga jirgi a waya.

Lokutan da ke kan tikiti duk na garin da aka rubuta ne, ba na Najeriya ba. Idan za ki sauya jirgi a Istanbul, suna gabanmu da awa 2, sai ki bi allon filin jirginsu, kada ki bi agogon hannunki. In kin ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi.

Idan wani abu ya tsare ki a hanya kika ga ba za ki kai ba, ki kira ejan ko kamfanin kafin lokacin tashi ya cika a sauya miki rana, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a rubuta ba ki zo ba. Ki karɓi lambar ejan da yake ɗauka da daddare. Su Umma da Kawu kuma ki daina ce musu Talata, ki ce Litinin bayan isha'i za a kai ki filin jirgi, don kada mai motar ya shirya wa ranar da ba ita ba.