Jan-bakin da ba ya busar da leɓe

"'Yan'uwa, ina Gombe, tun shigowar hunturu leɓena ke tsagewa, kuma kullum ina shafa man leɓe. Wane iri zan saya?"

'Yar'uwa, ki sayi wanda aka haɗa da basilin, man kaɗanya ko kakin zuma, marar ƙamshi. Ki juya bayan robar ki karanta: in kin ga mentol, kafur, finol ko turare, ki ajiye shi. Sanyin nan da kike ji yana tsikarin leɓe idan kin shafa ba magani ba ne, fatar yake fusatawa.

Jan-baki kuwa, na ruwan nan marar sheƙi da ke wuni bai goge ba shi ya fi shanye danshi. Na sha fama da shi lokacin wani biki a Bauchi, kafin la'asar leɓena ya yi ɓawo. Yanzu man kaɗanya nake fara shafawa, in jira minti 10, in dangwale da tishu, sannan in sa jan-baki mai maiƙo. Amma fa in kina lasar leɓe aikin banza ne, musamman in man mai zaƙin alawa ne, domin yawu na bushewa ya tafi da danshin.